Hujin kunne a Madarumfa: Yadda za a gane ciwon da zai warke a gida da wanda ke iya lanƙwashe kunne har abada

Saura kwana goma a yi Babbar Sallah 'yar baffana, mai shekara 19, ta hau mota daga Madarumfa zuwa Maraɗi sayen kayan kwalliya. Ta dawo da atamfa da takalmi, da kuma sabon huji a saman kunnenta na dama. Hujinta na farko an yi mata shi tun tana jaririya, da allura da zare, kamar yadda aka yi wa kusan duk 'yan matan garin. Wannan na biyu kuwa a teburin wata mai sayar da 'yan kunne aka yi shi, da 'yar bindigar huji, cikin ɗan lokacin da bai kai na shan kofin ruwa ba.

Kwana goma sha uku bayan nan tana zaune a gaban ma'aikacin lafiya, saman kunnen ya kumbura ya yi sheƙi, ana shirin tsaga shi. A yau in ta zame ɗankwali, gefen kunnen ya ɗan naɗe ciki, kuma haka zai zauna.

Ta yarda a ba da labarinta ba tare da suna ba, saboda abin da ya same ta abu ne da ake iya kauce masa. Abin da ya ɓata mata lokaci shi ne ita da mutanen gida sun ɗauka duk huji ɗaya ne, alhali kunne kashi biyu ne, kuma ciwon kowane kashi da irin haɗarinsa.

Ƙasan kunne daban, sama daban

Taɓa ƙasan kunnenki, inda aka saba rataya ɗan kunne. Wurin da taushi, fata ce da kitse, kuma jini na gudana a cikinsa sosai. Jini shi ke kai wa rauni sojojin jiki da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta, shi ke kai magani in an sha. Shi ya sa hujin ƙasa kan warke cikin mako shida zuwa takwas, kuma ko ya ɗan yi ruwa, yawanci tsafta kaɗai na isa ta kashe ciwon.

Yanzu matsa sama. Abin nan mai tauri da ke lanƙwasuwa ya miƙe shi ne guringuntsi. Ba shi da jijiyoyin jini na kansa. Wata siririyar fata ce da ke manne da shi gaba da baya take ciyar da shi. In ƙwayar cuta ta shiga ta hanyar huji, mugunya ta taru tsakanin wannan fata da guringuntsin, sai ta raba su. Guringuntsin da aka raba da abincinsa yakan fara mutuwa cikin 'yan kwanaki, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Bayan ciwo ya warke sai kunne ya motse ko ya dunƙule. Ko ba ciwo, hujin sama kan ɗauki wata huɗu zuwa shekara guda kafin ya warke sarai.

Iyayenmu da kakanninmu hujin ƙasa suka sani, kuma dabarunsu na jinya a kansa aka gina su. Hujin sama da matasa ke yayi yanzu, a Maraɗi ko Katsina ko Yamai, da waɗanda ke ƙasashen waje, bai karɓar waccan jinya.

Kwana goma sha uku

A kwana ukun farko kunnen 'yar baffan nawa ya ɗan yi zafi, ya ɗan tasa, yana fitar da wani ruwa garai-garai da ke bushewa ya yi ɓawo a jikin ɗan kunnen. Wannan ba ciwo ba ne, haka duk sabon rauni yake yi. Alamar lafiya ita ce kullum zafin yana raguwa.

Tana wanke wurin safe da yamma, amma da ruwan randa, wanda kan kwana biyu ko uku a ciki, kowa na tsoma moɗa. Sannan mai hujin ta ba ta wani ruwa a 'yar kwalba marar rubutu, ta ce ta riƙa shafawa tana jujjuya ɗan kunnen kada ya manne.

A rana ta takwas zafin da ya kwanta ya dawo, kuma ya fi na farko. Wannan ita ce alamar farko ta gaskiya, kuma ita aka yi wa kallon ba komai. Inna ta ce ai haka sabon huji yake, a shafa man shanu.

Rana ta tara, ana jajiberin Sallah, ta sayi kafso na amoksisilin wajen wani mai tallar magani. Tana shan ɗaya, tana fasa ɗaya ta barbaɗa garin a kan hujin. Ranar Sallah ta ɗaura ɗankwali ta rufe kunnen, ta yi yawon gaishe-gaishe tana cije haƙori.

Rana ta goma sha ɗaya duk saman kunnen ya kumbura, lungunansa sun shafe, amma ƙasan kunnen yana nan lafiya lau kamar ba abin da ya faru. A gida an ɗauki wannan a matsayin sauƙi, wai ciwon bai bazu ba. A wurin likitoci kuwa wannan ce babbar shaidar cewa ciwon ya kama fatar guringuntsi, don ƙasan kunne ba shi da guringuntsi, shi ya sa ciwon ke tsallake shi.

Daren rana ta goma sha biyu ba ta runtsa ba. Ko iskar fanka ta taɓa kunnen sai ta yi ƙara, ga zazzaɓi, ga kaluluwa a ƙasan muƙamuƙi. Washegari da aka kai ta asibiti, ma'aikacin lafiya ya danna wurin a hankali ya ji ya yi luɓus kamar leda mai ruwa a ciki. Mugunya ta riga ta taru. Aka yi mata allurar kashe zafi, aka cire ɗan kunnen, aka tsaga aka zubar da mugunyar, aka wanke, aka ɗaure da bandeji mai matsewa don fatar ta koma ta manne da guringuntsin. Aka canza mata magani, aka ce ta riƙa zuwa wankin ciwo. An ceto mafi yawan kunnen, ban da ɗan gefen da ya riga ya mutu.

Da a rana ta takwas ko ta tara ta je, da wataƙila ƙwayoyin sha kawai za su wadatar, ba tsaga ba tabo. Kwana huɗu zuwa biyar ɗin da aka ɓata tsakanin man shanu da kafso su ne suka ci gefen kunnen.

Me ya sa kafso bai yi aiki ba

Ciwon ƙasan kunne yawanci ƙwayar cutar da ke zaune a fatar mutum ce ke jawo shi, wadda ake kira sitafilokokus. Ciwon guringuntsi kuwa mafi yawansa aikin wata ƙwaya ce daban mai suna sudomonas. Ita wannan ruwa take so: ruwan da ya kwana, magudanar wanka, tsumma mai laima, har da kwalbar maganin wanke ciwo da aka daɗe ana ƙara mata ruwa. Mugunyarta kan yi kore-kore. Amoksisilin da amfisilin da ire-irensu da ake sayarwa a kan tebur ba sa taɓa ta ko kaɗan. Mutum zai sha kwali guda ciwo na ci gaba.

An ga wannan ƙarara a Amurka. A shekarar 2000, a jihar Oregon, jami'an lafiya sun bi diddigin wata rumfar sayar da 'yan kunne da ta yi huji 186 a kunnen mutum 118 cikin 'yan makonni. Mutum bakwai aka tabbatar sun kamu da sudomonas, wasu 18 ana zargin haka. Duk bakwai ɗin a saman kunne aka huda su. Mafi yawansu an fara ba su maganin da ba ya kashe wannan ƙwaya, huɗu sai da aka kwantar da su a asibiti, wasu kuma kunnensu ya nakasa. Da aka bincika sai aka samu ƙwayar a cikin kwalbar feshin maganin kashe ƙwayoyin cuta, wadda ya kamata a yar in ta ƙare amma ake sake cika ta. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta wallafa binciken a 2004. A 2016 ma an yi irin wannan a Ingila, inda mutum 162 suka kamu, kuma aka gano tushen cutar a ruwan jinyar huji da ake sayar wa mutane a kwalba.

Ke nan in a Oregon da Ingila kwalba ta iya zama gidan cuta, 'yar kwalba marar rubutu da aka miƙo miki a bakin kasuwa ba abin amincewa ba ce.

Maganin da likitoci suka fi ba mai ciwon guringuntsi shi ne sifrofuloksasin, wanda aka fi sani da sifro, ko ɗan'uwansa, wani lokaci a haɗa da wani, in ciwon ya yi tsanani kuma a koma allura ta jijiya. Amma sifro ba na saye a sha da ka ba ne. Ba a cika ba mai ciki ko ƙaramin yaro ba sai likita ya auna. Nono da kindirmo da maganin ƙarin jini da farin maganin gyambon ciki suna hana jiki tsotsarsa, don haka mai shan sa ya raba lokacinsa da fura da nono da sa'o'i. Wanda kuma ya ji ciwo a agararsa yana cikin sha, ya dakata ya koma wurin likita. Sannan in mugunya ta riga ta taru, ko maganin da ya dace ba ya isa cikinta, sai an tsaga.

Yadda za ki duba kunnenki

Littattafan likitanci da yawa suna cewa a duba ko wurin ya yi ja. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Abin da za ki gani shi ne wurin ya fi sauran fata duhu, ko ya yi sheƙi kamar an shafa mai. Hanya mafi sauƙi ita ce kwatanta kunnuwan biyu a madubi, sannan ki taɓa kowanne da bayan yatsa mai tsafta ki ji wanne ya fi ɗumi. Ɗauki hoton kunnen da waya kullum da safe a wuri guda mai haske. Ido kan saba da kumburi har ya daina ganin ƙaruwarsa, amma hoton jiya da na yau ba sa ɓoye komai.

In hujin ƙasa ne, ya ɗan kumbura, yana ɗan fitar da mugunya, ba zazzaɓi, kuma ɗan kunnen na motsi, ana iya jinyarsa a gida na kwana biyu: a wanke da ruwan gishiri sau uku a rana, a ɗora tsumma mai tsafta da aka tsoma a ruwan ɗumi na minti goma. Kada a cire ɗan kunnen da ka, don in bakin hujin ya rufe, mugunya kan maƙale a ciki ta zama maruru. In kwana biyu sun cika ba sauƙi, sai asibiti.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya:

- Zafi da kumburi da ɗumi a saman kunne, ko da ba mugunya, musamman in zafin ya kwanta sannan ya dawo.
- Zazzaɓi, rawar sanyi, ko kaluluwa mai zafi a wuya ko bayan kunne.
- Kumburin da ke yaɗuwa zuwa kunci, wuya ko bayan kai.
- Wurin da ya yi luɓus in an danna, ko mugunya kore mai wari.
- Ɗan kunne ko maƙallinsa na baya ya nutse cikin nama. Kada a tono shi da allura ko reza a gida. A asibiti ana kashe zafin wurin a fitar da shi cikin 'yan mintoci.

Mai ciwon suga, mai amosanin jini, mai ɗauke da cutar da ke raunana garkuwar jiki, da yaron da ke fama da tamowa, su kam ko ƙaramin ciwon ƙasan kunne ne a kai su tun farko.

A gundumar Madarumfa matakin farko shi ne cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa. In aiki ya fi ƙarfinta za a tura mutum asibitin gunduma da ke cikin garin Madarumfa, daga nan kuma Maraɗi, wadda ba ta da nisa. Abu ɗaya da zai taimaka wa ma'aikacin lafiya shi ne a gaya masa gaskiya: ranar da aka yi hujin, da me aka yi, me aka shafa, wane magani aka sha. A tafi da kwalin maganin a hannu.

Ba duk kumburi ne ƙwayar cuta ba

Abu biyu ake yawan rikitawa da ciwon huji. Na farko shi ne ƙin ƙarfe. 'Yan kunne masu araha da yawa akwai ƙarfen nikel a cikinsu, kuma fatar wasu ba ta shiri da shi. Alamarsa ƙaiƙayi ne fiye da zafi, fata ta bushe ta yi ɓawo ko ta riƙa tsattsafo da ruwa, kuma kunnuwan biyu kan yi a tare. Sau da yawa mai wannan matsala takan lura cewa sarƙa ko bayan agogo ko maɓallin wando ma na yi mata haka. Maganin kashe ƙwayar cuta ba ya warkar da shi, sai an canza ɗan kunnen. Ruwan zinari da ake yi wa ƙarfe kan goge cikin makonni, nikel ɗin ya fito.

Na biyu shi ne tsiron tabo, wanda likitoci ke kira keloyid. Wani dunƙulen nama ne mai tauri da santsi da ke fitowa a bayan kunne watanni bayan huji, yana girma a hankali har ya zarce iyakar raunin. Ba ya mugunya, ba ya zazzaɓi, sai ƙaiƙayi ko tsikari. Ya fi samun masu baƙar fata, yana bin dangi, kuma ciwon da ya daɗe bai warke ba na ƙara yiwuwarsa. Ɗaure shi da zare ko yanke shi a gida kan sa ya dawo ya fi da. A asibiti akan yi masa allura a cikinsa sau da yawa, in ma za a yanke sai an haɗa da wani magani. Duk wadda ke da irin wannan tabo a wurin lamba ko tsohon rauni, ko akwai shi a gidansu, ta yi tunani sau biyu kafin ƙarin huji.

Kafin a huda

Bindigar huji ba allura take turawa ba, ɗan kunnen ne da kansa take harbawa ya fasa nama da ƙarfi, kuma bakinsa bai kai allura kaifi ba. A ƙasan kunne nama na jurewa. A sama yana iya farfasa guringuntsi ya ɗaga fatarsa, wato ya buɗe wa cuta ƙofa. Ga shi kuma jikin bindigar roba ne, ba a iya dafa ta a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, goge ta kawai ake yi. Wanda ya nace sai ya yi hujin sama, to a yi shi da sabuwar allura da aka ɓare daga ledarta a gabansa, a hannun wanda ya wanke hannu ya sa safar hannu.

Allura ɗaya ga mutum ɗaya. Ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda ta yawaita a yankinmu, tana iya rayuwa mako guda a busasshen jinin da ido ba ya gani. Ratsa allura ta harshen ashana ko goge ta da turare bai isa ba.

Ɗan kunnen farko ya kasance titaniyom, ko ƙarfen aikin tiyata, ko zinari na gaske mai karat 14 zuwa sama, kuma sandarsa ta yi tsawon da za ta bar wa kumburi wuri. 'Yan'uwa da ke Turai ko Saudiyya ko Legas masu aiko da tsarabar suna da ta biki, a nan za su iya taimakawa: barima guda mai kyau ta fi kwalin 'yan kunne goma na ado amfani ga sabon huji.

Lokaci ma abin dubawa ne. Huji saura mako ɗaya biki ko Sallah yana haɗuwa da kitso, da man gashi, da ɗaurin ɗankwali mai matsewa, da kwaɗayin canza ɗan kunne tun wuri bai warke ba. Wadda ke son ta yi ado da shi ranar biki, ta huda wata biyu kafin nan.

Jinyar sabon huji

Mafi kyawun abin wankewa shi ne ruwan gishirin famasi da ke zuwa a 'yan ƙananan robobi, wanda ake ɗiga wa jarirai a hanci. A buɗe ɗaya, a yi amfani da shi, a yar da saura. In babu, a tafasa ruwa, a zuba kofi ɗaya, wato kwatan lita, a sa gishiri kwatan ƙaramin cokalin shayi, a bari ya huce. Kullum a haɗa sabo. Gishiri in ya yi yawa ƙona wurin yake yi, ba ƙara tsafta ba.

A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa kunne. A jiƙa gaba da bayan hujin sau biyu a rana, a bar ɓawon ya yi laushi ya fita da kansa, sannan a tsane wurin da gos ko tishu mai tsafta. Tawul ɗin wanka ba na wannan aiki ba ne. Tsanewar nan tana da muhimmanci kamar wankin, don laima ce abincin sudomonas. Bayan wanka ko alwala ma a tsane.

Jujjuya ɗan kunne tsohuwar shawara ce da masana suka bari. Ba ya mannewa. Juyawar tana yage sabuwar fatar da ke tsirowa a cikin hujin, tana kuma tura dattin waje ciki. Haka alkol da ruwan oksijene mai kumfa, suna kashe sabon nama tare da ƙwayar cutar. Man shanu, man zafi, man goge baki, toka, kalanzir da garin kafso, duk babu mai amfani a cikinsu, wasu toshe hujin suke yi, wasu ƙona shi.

Maƙallin baya kada ya matse kunne, a bar ɗan sarari. A kwanta ta ɗaya gefen, a riƙa wanke rigar matashi da hijabi da ɗankwali, a riƙa amsa waya da ɗaya kunnen. Lokacin hunturu da ƙura, mayafi mai sauƙi da bai matse ba yana kare wurin. Har sai huji ya warke ba wanka a tafkin Madarumfa ko gulbi ko kududdufin damina. Ɗan kunnen farko kuma ya zauna aƙalla mako shida a ƙasa, a sama kuwa watanni.

Jarirai

A gidaje da yawa ana huda wa jaririya kunne a makonninta na farko, a bar zare a ciki, daga baya a maye shi da tsinke kafin a samu ɗan kunne. Zare na shan ruwa da nono da gumi ya riƙe datti, tsinke kuma daga ƙasa ya fito, inda ƙwayar tetanus ke zama. Jaririya ba ta fara samun rigakafin tetanus na kanta sai ta kai mako shida, da allurar fenta ta farko, sannan a mako goma da mako goma sha huɗu. Kafin nan abin da ke kare ta shi ne rigakafin da uwarta ta karɓa lokacin awon ciki. Jinkirta huji har ta karɓi allurorinta ba ya rage mata komai.

In an riga an huda, uwa ta sa ido. Jaririyar da ba ta kai wata uku ba, in jikinta ya yi zafi, ko ta ƙi kama nono, ko ta yi laushi, a kai ta asibiti a ranar, ko da kunnen bai nuna wani abu sosai ba. Wadda take tsotso lafiya sannan ta kasa buɗe baki, jikinta na sanƙarewa ko tana zabura in an taɓa ta, wannan alamar tetanus ce, kuma ba ta jiran gari ya waye. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a cibiyoyin gwamnati, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana tallafa wa jinyar yara a gundumar Madarumfa, don haka tsoron kuɗi kada ya sa a zauna da jaririya a gida.

'Yar baffan nawa ta gama shan maganinta, an kwance bandeji bayan makonni. Hujin saman ya toshe, kuma ta ce ba ta sake wani. Da ƙanwarta ta zo da maganar nata hujin kafin bikin wata ƙawarta, ba ta yi mata dogon bayani ba. Ɗankwali ta zame ta nuna mata kunnen, sannan ta tambaye ta saura kwana nawa bikin.